Babi Na Biyu: Wasiƙa Zuwa Ga Ɗalibata Mai Rubuta Kundi

 

Na karanta babinki na biyu daga farko har ƙarshe, kuma za ki tarar da jan biro a gefen shafuka da dama. Gefen shafi ba ya ɗaukar dogon bayani, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuto miki wasiƙa. Na sakaya sunanki na fito da ita fili, domin kurakuran da na gani ba naki ba ne ke kaɗai. Su ne dai nake cin karo da su a kundayen digiri na ɗaya da na biyu, har ma da na uku wani lokaci.

Ga wanda bai saba da harkar ba, kundin digiri a jami'o'inmu yawanci babi biyar ne. Na ɗaya yana faɗin abin da za a bincika da dalilin binciken, na uku yana faɗin hanyar da aka bi, na huɗu ya kawo abin da aka gano, na biyar ya naɗe tabarma. Na biyu kuwa shi ne bitar ayyukan da suka gabata, kuma shi ne ɗalibai suka fi rainawa. Suna ganin ai tattaro abin da masana suka faɗa ne kawai. To a nan matsalar take farawa. Aikin wannan babi shi ne ya gamsar da mai karatu cewa kin san inda magana ta tsaya kafin ki zo, kuma akwai sauran abin da ba a faɗa ba, wanda ke za ki faɗa. Duk sakin layin da bai taimaka wa wannan ba, ko da gaskiya ce zalla a cikinsa, nauyi kawai ya ƙara wa kundin.

Mu tuna abin da kika ce za ki yi. A babi na ɗaya kin ce za ki nazarci yadda macen da aka saka take ciyar da kanta da 'ya'yanta a littattafan Balaraba Ramat Yakubu, musamman Alhaki Kuykuyo Ne. Tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma littafin yana da abin da zai amsa ta. Ga Rabi nan, uwar 'ya'ya tara, Alhaji Abdu ya auro Delu ya kore ta, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Wanda ya karanta babinki na ɗaya zai shiga na biyu yana jiran ya ji me masana suka ce a kan saki, da sana'ar mata, da rubutun Balaraba.

Abin da zai tarar kuwa daban. Kin fara da ma'anar adabi, kika kawo rabe-rabensa, kika shiga tarihin rubutun ajami da zuwan boko. Daga nan kika zo gasar da Rupert East ya shirya a 1933, kika ba da labarin Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki ɗaya bayan ɗaya. Kusan rabin babin ya ƙare ba a ambaci mace ko ɗaya da aka saka ba. Na san abin da ya jawo haka. Wannan tarihi yana nan a shirye cikin Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988, kuma rubuta shi ba ya buƙatar dogon tunani, sai shafuka su yi ta cika, ɗalibi ya ji yana aiki. Amma malaman da za su zauna ranar kare kundi su ne suka koyar da ke wannan tarihi tun kina aji ɗaya. Sakin layi biyu sun ishe ki: ki nuna cewa littattafan farko maza ne suka rubuta su, ki ambaci So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, sannan ki sauka a kan marubuta matan Kano na ƙarshen shekarun 1980. Ki mayar da mai son ƙarin bayani ga Yahaya. Hanyar gane irin wannan kuskure mai sauƙi ce. Ki buɗe maƙasudan bincikenki guda uku a gefe, ki bi kanun babin ɗaya ɗaya kina tambayar kanki wane maƙasudi wannan kan yake yi wa hidima. Wanda bai samu amsa ba, ki cire shi ko ki taƙaita shi.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda nake so ki zauna ki yi mata tunani sosai. Da kika iso ga ayyukan da suka shafi batunki, sai kika jera su bisa nau'insu da shekarunsu: littattafai a gaba, sai kundayen digiri, sai maƙalu. Kowane sakin layi ya fara da suna da shekara, ya taƙaita aikin, sannan ya rufe da jimlar nan da ta zama ruwan dare a kundayenmu, wato wannan aiki yana da alaƙa da namu domin duka suna magana a kan ƙagaggun labarai, inda suka bambanta shi ne wancan ya duba kaza, namu kuwa zai duba kaza. Na ƙirga wannan jimla har na daina ƙirgawa. Babin ya zama kamar kiran rajista a aji: a kira suna, a amsa, a wuce na gaba, babu wanda ya yi magana da wani.

Illar wannan tsari ita ce yana ɓoye ainihin abin da ya faru tsakanin masanan. Ga misali daga babinki. Kin kawo Ibrahim Malumfashi a wani shafi, kin kawo Abdalla Uba Adamu bayan shafuka da yawa, kamar ba su taɓa jin ɗuriyar juna ba. Alhali kuwa a shekarun 1990 an tafka muhawara mai zafi a jaridu a kan waɗannan littattafai, kuma su biyun suna cikin manyan masu ja-in-jar. Malumfashi yana ganin kasuwa ce ta haifi littattafan, kuma ingancinsu bai kai na magabata ba. Adamu yana ganin sun jawo matasa da mata ga karatun Hausa, kuma suna nuna halin da al'umma take ciki, don haka sun cancanci nazari. Wanda ya karanta babinki ba zai san an yi wannan saɓani ba, ballantana ya san ɓangaren da kika fi karkata.

Gyaran shi ne ki tsara babin bisa batutuwa, ki bar sunaye su biyo bayan batu. Bari in nuna miki yadda ayyukan da kika riga kika ambata za su zauna wuri ɗaya. Za ki iya cewa masana sun kalli waɗannan littattafai ta fuskoki uku. Ta farko ita ce ta inganci, inda Malumfashi da Adamu suka yi saɓani. Ta biyu ita ce ta tushen jigogin: Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 a mujallar Africa, ya duba yadda finafinan Indiya suka ba marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino hanyar yin magana a kan soyayya da auren dole. Ta uku ita ce ta addini da 'yancin mata, inda Novian Whitsitt, a maƙalarsa ta 2002, ya nuna yadda Balaraba take kafa hujja da Musulunci kansa wajen neman haƙƙin mata. Sannan sai ki faɗi naki: fuska ta farko tana tambaya ko littafin ya cancanci karatu, ta biyu tana tambaya daga ina jigon ya zo, ta uku tana tambaya da wace hujja mace take kare kanta, ke kuwa kina tambaya da me take ci bayan an sake ta. Kin ga sakin layi ɗaya ya yi aikin da shafuka da yawa suka kasa yi, kuma an ji muryarki a ciki.

Irin wannan sakin layi ba ya fitowa daga kai haka kawai. Akwai aikin da ake yi kafinsa, kuma ina so ki yi shi kafin ki sake taɓa babin. Ki samu babbar takarda, ko ki buɗe jadawali a kwamfuta, ki ja gidaje shida: marubuci da shekara, tambayar da ya yi, littattafan da ya nazarta, ra'in da ya ɗora aikin a kai, abin da ya gano tare da lambar shafi, sai kuma abin da bai taɓo ba wanda ya shafi tambayarki. Kowane aiki layi ɗaya. Idan kin gama, ki daina karanta jadawalin a kwance, ki karanta shi a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. A nan ne za ki ga cewa mutum huɗu sun yi tambaya iri ɗaya, biyu sun nazarci littafi ɗaya amma sun cimma matsaya daban, kuma gidan ƙarshe yana ta maimaita abu guda. Kanun babinki daga nan za su fito. Akwai kuma wata fa'ida: duk aikin da kika kasa cike gidajensa, to ba ki karanta shi yadda ya kamata ba, ki koma masa.

Bayan kin sake rubutawa, ki gwada babin da abu biyu. Ki karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, a jere. Idan sun ba da magana mai ma'ana da ke tafiya zuwa wani wuri, babin ya tsayu. Idan sunaye da shekaru kawai kika ji, da sauran aiki. Sannan ki ɗauki sakin layi biyu ki musanya musu wuri. In babu abin da ya lalace, to dama ba a ɗaure suke da juna ba.

Wannan ya kawo mu ga giɓin bincike. A ƙarshen babin kin rubuta cewa babu wanda ya taɓa yin nazari a kan matsayin mata a littattafan Balaraba. Ɗalibata, ki cire wannan jimla yau ɗin nan. Ke da kanki kin ambaci Whitsitt a babin. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012, kuma mutanen da ba su jin Hausa ma sun yi sharhi a kansa. Mai jarrabawa na waje yana buƙatar aiki ɗaya tak ya ambata, sai duk ginin ya zube a gaban jama'a. Ana faɗin giɓi ne da iyaka: a cikin ayyukan da wannan bincike ya kai gare su, an fi mai da hankali ga kaza, ba a tsaya sosai a kan kaza ba. Wannan gaskiya ce da za ki iya karewa. Amma kafin ki faɗi ko da wannan ɗin, sai kin nema da gaske. Yawancin abin da aka rubuta a kan adabin Hausa ba ya intanet. Yana cikin kundayen da ke jere a ɗakunan karatu na sassan Hausa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da cikin mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Algaita da Ɗunɗaye, da takardun tarukan ƙara wa juna sani. Ki je da ƙafarki, ki nemi rajistar kundaye, ki duba. Idan kin tarar wani ya riga ya yi abin da ya yi kusa da naki, kada gabanki ya faɗi. Ki karanta shi da kyau, ki ga littafin da bai duba ba ko tambayar da bai yi ba. Gara ki gano shi yanzu da a nuna miki shi ranar kare kundi.

Ki kuma lura cewa bambancin wuri ko na littafi kaɗai ba giɓi ba ne. Cewa wancan ya nazarci littafi kaza ke kuwa za ki nazarci wani bai isa ba, sai kin faɗi abin da sauya littafin zai iya nunawa wanda ba a gani ba a da.

Akwai wani abu da ya fi damuna, kuma zan faɗa miki shi kai tsaye domin ina son alheri gare ki. Kin rubuta cewa Larkin ya tabbatar da cewa marubutan Kano kwafar finafinan Indiya kawai suke yi. Wanda ya karanta maƙalar ba zai faɗi haka ba. Abin da yake nunawa shi ne masu kallo da marubuta suna ɗaukar abin da suka gani su sarrafa shi don yin magana a kan matsalolinsu, kuma finafinan sun ba su wani salon zamani wanda ba na Turawa ba. Ina kyautata zaton daga wani kundi kika ɗauko jimlar, shi ma mai kundin wataƙila daga wani ya ɗauko. Haka magana take lalacewa daga hannu zuwa hannu, har a jingina wa masani abin da bai faɗa ba. Malami yana gane wannan cikin sauƙi: babu lambar shafi, bayanin a dunƙule yake, kuma sau da yawa kuskuren rubutun suna ɗaya ne yake yawo a kundaye da yawa. Ka'idar ita ce, abin da ba ki gani da idonki ba, kada ki nuna kamar kin gani. Ki nemo asalin. In ya gagara samuwa, ki rubuta cewa wane ya faɗa, kamar yadda wane ya kawo, sannan a manazarta ki sa wanda kika karanta ɗin kaɗai. Tsarin APA da muke bi ya yarda da haka, amma a yi shi jefi-jefi.

Kusa da wannan akwai batun satar fasaha, wadda ɗalibai da yawa suke faɗawa ciki ba da niyya ba. A wurare biyu na ji salon rubutunki ya sauya farat ɗaya, jimlolin suka koma na wani. Sanya suna da shekara a ƙarshen sakin layi ba ya halatta miki kalmomin mutum. In kalmominsa ne, ki sa su cikin alamar zance tare da lambar shafi, in kuma sun kai kalma 40, ki ware su a sakin layi na daban da aka matsar ciki, ba tare da alamar zance ba. In ra'ayinsa kawai kike so, ki karanta, ki rufe littafin, ki rubuta abin da kika fahimta da bakinki, sannan ki buɗe ki tabbatar ba ki karkatar da shi ba, ki kuma ambace shi. Fassara ma haka take. Ɗauko sakin layi daga maƙalar Turanci a mayar da shi Hausa ba tare da madogara ba sata ce, ko da manhaja irin Turnitin ba ta kama ba. Ita manhajar kamannin kalmomi take nema a cikin abin da ke rumbunta, don haka ƙaramin adadi a rahotonta ba shaidar tsarkin aiki ba ne. Malamin da ya san fagen shi ne zai gane.

Ra'in da kika zaɓa kuwa, na ga kin ba shi shafuka da yawa: wanda ya ƙirƙiro shi, da rassansa, da sukar da aka yi masa. Abin da ban gani ba shi ne yadda zai yi aiki a kan Rabi. Ki rage tarihin, ki zaɓi ginshiƙai biyu ko uku na ra'in, ki faɗi tambayar da kowanne zai sa ki yi wa littafin a babi na huɗu. In kin kasa rubuta wannan, to ra'in bai dace da aikin ba, mu zauna mu sake zaɓe.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da kwarjinin aiki, kuma yini ɗaya ya isa a gyara su. Akwai sunayen da ke cikin babin amma babu su a manazarta, akwai kuma na manazarta da ba a ambace su ko'ina ba. Ki buga babin a takarda, ki bi shi da biro, duk madogarar da kika tarar ki yi mata alama a jerin. Kin kawo Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? duka a matsayin Yakubu 1990, mai karatu ba zai san wanne kike nufi ba. Tunda shekararsu ɗaya, na farkon ya zama 1990a, na biyun 1990b, bisa jerin haruffan sunayen littattafan. Marubuciya ɗaya kin kira ta Yakubu a nan, Ramat a can, Balaraba a wani wurin. A madogara ki tsaya a kan ɗaya. Haka kuma tsofaffin littattafai: shekarar bugun da ke hannunki ba ita ce shekarar da aka fara buga littafin ba, don haka ki nuna duka biyun, kada a ɗauka Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja bayan samun 'yancin kai, alhali tun 1934 ya fito. Sai haruffa masu lanƙwasa. Kundin Hausa da ya rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa, ko bari a inda ake nufin ɓari, ya sauya ma'ana. Ki sa wa kwamfutarki allon rubutun Hausa, kuma kada ki bar wa mai buga takardu wannan aiki, domin shi ba zai tsaya gaban malamai ba.

Kada ki fara da gyaran waɗannan ƙananan, domin sakin layi da yawa za su fita, kin ga an yi aikin banza. Ki fara da jadawalin. In kin zo ofis mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, ki taho da shi, tare da sababbin kanun babin a shafi ɗaya, da sakin layi ɗaya da ke faɗin giɓin da iyakarsa. Ki kuma nemo maƙalar Larkin da ta Whitsitt ki karanta su da kanki, ki ja layi a inda kika ga ba ki yarda da su ba, domin daga nan nake so mu fara tattaunawa.

Ki gaida mutanen gida. Allah ya yi wa karatun albarka.

Malaminki.